Neman kalma: me za mu ce da "ta'awidi" a maganar shan sigari?

Sagiru Mai Fassara, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Wani asibiti a nan Jidda ya ba ni 'yar takardar faɗakarwa ta masu son barin sigari in mayar da ita Hausa saboda mutanenmu. Komai ya tafi daidai sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Balaraben ya rubuta "ta'awidi", Bature kuma na cewa "kwamfanseshan". Abin nufi shi ne mutum ya koma sigarin da aka rubuta ƙaramar lambar nikotin a kwalinsa, sai yadda yake zuƙa ya sauya, har jikinsa ya samu kusan abin da ya saba samu. Ƙamus ya ba ni "diyya", na dubi "shan taba na diyya" na ga ko ni ban gane ba. Ku taimaka.

Baba Ilu, Shara Mansur

Wa'alaikumus salam. Diyya ai sai an yi kisa ko ɓarna, ɗana. Ka sa ramuwa. Wanda azumi ya kuɓuce masa ramawa yake yi, wannan ma abin da ya kuɓuce masa yake ramawa.

Habu Direba

Malam Sagiru, ni maganar ce ma ban yarda da ita ba, bare a nema mata suna. Tun kafin a sauya kwalaye a 2019 na bar mai 0.6 na koma mai 0.1, kuma har yau shi nake saye. Shida da ɗaya ai ba ɗaya ba ne. Kara ashirin nake sha da, kara ashirin nake sha yanzu. To ina ramuwar?

Dakta Hajara, Makka

Malam Habu, na ji daɗin shigowarka, domin da misalinka za a fi gane kalmar da ake nema. Lambar nan ba adadin nikotin da ke cikin karan ba ce. Kara ɗaya yana ɗauke da wajen miligiram 10 zuwa 14 a cikin ganyensa, kuma ganyen mai 0.6 da na mai 0.1 ba su da wani babban bambanci. Lambar ta abin da injin gwajin sigari ya zuƙa ce.

Injin yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya saɓawa: zuƙa ta mililita 35, tsawon sakan 2, sau ɗaya a minti. Bai san gajiya ba, bai san ɓacin rai ba, ba shi da leɓe da yatsu. A haka ake tara abin da ya fito a auna, a buga a kwali.

Yanzu ka ɗauki karanka mai 0.1, ka kwance takardar da ta naɗe filta, ka ɗaga ta wajen haske. Za ka ga layin 'yan ƙananan huduji sun zagaye ta, ɗan nesa kaɗan da inda leɓe ke kamawa. Ta nan iska ke shiga ta tsinka hayaƙin. A irin waɗannan masu ƙaramar lamba sosai, iskar tana iya kai kashi 80 cikin 100 na kowace zuƙa. Bari mu yi lissafi na misali. Inji ya zuƙa sau 8, mililita 280 ke nan, amma kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ya ratso ta ganyen da ke ci, wato 56. Kai kuma ka tsaya a danja, kana sauri kafin ta ba da hannu, ka ja mililita 55 sau 12, yatsunka da leɓenka sun danne hudujin. Mililita 660 ke nan, kusan duk hayaƙi. Ka ga ya haura ninki 11. Ba kowa ke toshe hudujin duka ba, kuma nikotin ba ya bin wannan lissafi sak, amma ka ga yadda 0.1 take komawa kusa da 1 ba tare da ka ƙara kara ko ɗaya ba.

Habu Direba

Dakta, wallahi ni ban taɓa toshe komai ba. Yau na fara jin akwai huduji.

Dakta Hajara, Makka

Na yarda. Nan ne ma nake da ja da kalmar Baba Ilu, Baba a gafarce ni. Ramuwar azumi da niyya ake yi, mutum ya san ana bin sa kwana kaza. Wannan kuwa mai yi bai san yana yi ba. Jiki ya saba da wani ma'auni na nikotin a jini, kuma cikin awa biyu rabinsa ya zube, sai ya nemi a cika masa. Hayaƙin da aka tsinka ba shi da kaifi a maƙogwaro, don haka ja mai zurfi ba ya sa tari, mutum ya yi ta ja bai ankara ba.

Malam Habu, in ka gama sha gobe ka dubi gindin filtar. Idan tabon ruwan ƙasa ya tsaya a tsakiya, farin zobe ya kewaye shi, iska ta samu shiga ta gefe. Idan tabon ya mamaye har baki, alama ce hudujin sun toshe. Ba gwaji ne na yanke hukunci ba. Na gaske shi ne a auna kotinin a yawu ko fitsari, wato abin da hanta ke mayar da nikotin, saboda shi yana daɗewa a jiki, rabinsa sai wajen awa 16.

Baba Ilu, Shara Mansur

Ba komai 'yata, kin yi gaskiya ta wajen niyya. Amma ai mutum na rama barci ba da niyya ba. Wanda ya kwana ɗawafi, gari na wayewa jiki ya karɓi bashinsa ko bai shirya ba. Ban janye ramuwa ba tukuna.

Sagiru Mai Fassara, Jidda

Baba, wannan ta ramuwar barci ta kama ni. Matsalata ita ce a rubuce. In na sa "zuƙar ramuwa" a takardar asibiti, rabin masu karatu za su ɗauka sigari na sa mutum ya rame ake nufi. Akwai ma matasan da wannan zai zame musu talla.

Maman Walida

Ni dai maigidana ba ya shan sigari, shisha yake sha, kuma ya ce ruwan yana wanke nikotin ɗin. Ko a sa "wanki" a takardar? Don mutane su san akwai mai sauƙi.

Dakta Hajara, Makka

Hajiya, wannan wata magana ce daban, kuma ruwan sanyaya hayaƙi yake yi, mafi yawan nikotin yana wucewa. Kada a sa wanki ko kusa.

Musa Mai Wurno

Salamu alaikum daga ɗan Sudan da ke Madina. A wurinmu in ɗan kasuwa ya faɗi a buhu ɗaya ya mayar a wani, cewa muke ya fanshe. Me zai hana "fanshewa"? Sannan ni abin da na fahimta daga bayanin Dakta shi ne duk lambobin nan ƙarya ce ta kamfanoni, kowane sigari miligiram ɗaya ne cif, a daina wahalar da kai.

Dakta Hajara, Makka

Malam Musa, rabin maganarka haka take. Lambar ba ƙarya ba ce, inji ya zuƙi abin da aka rubuta. Laifin shi ne an tsara karan yadda zai ba inji kaɗan ya ba mutum yadda yake so, aka bar mai saye yana zaton da shi lambar take. Amma "cif" ɗin nan ba na tare da kai. Abin da aka saba faɗa shi ne mai shan sigari yana samun miligiram 1 zuwa 1.5 a kara, sai dai tsaka-tsaki ne. Mutum biyu su sha kwali iri ɗaya, na wani ya ninka na ɗan'uwansa. Kai mutum ɗaya ma, karan farko bayan buɗa baki da azumi ba ɗaya yake da na bayan sallar tarawihi ba, kowa ya ga yadda ake jan na farkon.

Abin kuma ba sabo ba ne. Tun 1983 Benowitz da abokan aikinsa a Amurka suka auna jinin masu shan sigari suka ga masu ƙaramar lamba ba su fi samun ƙarancin nikotin ba. A 2001 Jarvis ya duba yawun mutane a Ingila, ya tarar masu shan mafi ƙarancin lamba suna samun kusan ninki 8 na abin da aka rubuta. Kanada ta fito da nata gwajin, mililita 55 kowane sakan 30 tare da liƙe hudujin duka, lambobi suka yi tsalle. Daga 2016 ƙasashen Tarayyar Turai suka cire lambobin daga kwali gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna a matsayin likita shi ne nikotin ba ya tafiya shi kaɗai. Duk zuƙar da ta ƙaro shi ta ƙaro kwalta da iskar nan mai guba ta gawayi, kuma ta tura su can ƙasan huhu.

Baba Ilu, Shara Mansur

Fanshewa tana da daɗin baki, amma mai fanshewa riba ya ci. A ce wa mutum ya fanshe, ai murna zai yi.

Sagiru Mai Fassara, Jidda

Wata kalma ta fito daga bakin Dakta ba ta lura ba, inda ta ce jiki ya nemi a cika masa. Me kuka gani game da "ciko"? Mai awo ya tauye mudu, ka ce a yi maka ciko. "Zuƙar ciko": kamfani ya tauye hayaƙi da iska, baki ya yi ciko. Babu riba a ciki, babu rama, kuma ba sai da niyya ba. Jimlar za ta zama haka: "Sauya sigari zuwa mai ƙaramar lamba ba ya kare ka, domin za ka riƙa zuƙar ciko ba ka sani ba."

Dakta Hajara, Makka

Ta yi mini. Abu ɗaya kawai, ciko yana sa a ji kamar mudun ya cika fal kullum, alhali wasu ba sa mayar da duka, suna tsayawa ƙasa kaɗan da abin da suka saba. Ka ƙara "kusan" a wani wuri. Sannan ita kalmar ta'awidi ta haɗa har da wanda ya ƙara yawan kara ko mai sha har wuta ta taɓa filta, su kuwa ba salon zuƙa suka sauya ba. Wataƙila "shan ciko" ya fi faɗi, zuƙar ciko ta zama reshensa.

Musa Mai Wurno

"Shan ciko" a kunnena kamar ragowar wani ake sha. Ni ina nan kan fanshewa.

Habu Direba

Na duba guntaye huɗu a tokar mota. Uku tabon ya kai har baki, ɗaya ne mai farin zobe, shi ma ina jin wanda na bari yana ci a hannu ne lokacin da nake waya. Malam Sagiru, ka sa zuƙar ciko, na gane ta. Amma ita lambar kwalin fa, da wane suna za ka kira ta? In ka rubuta "adadin nikotin" irina za su sake ruɗuwa.

Sagiru Mai Fassara, Jidda

Zuƙar ciko na sa, tare da "kusan" ɗin Dakta. Ita kuwa lambar, a yanzu na rubuta "rabon inji" da fensir. Sai ranar Lahadi zan miƙa takardar, in wani na da wadda ta fi ta ya kawo.

Baba Ilu, Shara Mansur

Rabo na Allah ne, ɗana, inji ba shi da rabo. Ka ce "awon inji".