Fom ɗin makaranta ya fito da ƙwarya-ƙwaryar rubutu: yaya kuka yi da naku?

Malama Hadiza, Zariya: Salamu alaikum. Fom ɗin ɗaukar ɗalibai na Islamiyyarmu shafi biyu ne, da Hausa, kuma kwamfutar da aka buga shi ta mutu tuntuni, sai fotokofin fotokofi ya rage. Na ɗauki hotonsa da waya, na ɗora a Google Drive, na danna Open with sannan Google Docs. Rubutu ya fito, amma layukan ɗigo-ɗigo sun koma shirme, teburin ya wargaje, "ɗalibi" ya zama "dalibi", wani wurin ma "clalibi". Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya gaya mana yadda ya ƙare.

Sani mai shagon buga takardu, Kano: Wa alaikumus salam Malama. Kusan kullum ana kawo mini irinsa, kuma yawancin ɓarnar tun daga hoton take. OCR, wato tsarin da ke karanto rubutu daga hoto, siffar baƙi yake kallo, in fotokofi ya cinye wutsiyar harafi ko takarda ta karkace, sai ya yi hasashe. Shi ya sa d ke rabewa ta zama cl, rn kuma su manne su zama m. Ki nemi kwafin da ya fi tsabta, wanda ba a buga masa hatimi ba, a sa a sikana a 300 dpi, a Grayscale. In dole sai waya, shimfiɗa shi a hasken rana ba filasha, wayar a saitin tsakiyar takarda. Teburi kuwa kada ki wahalar da kanki, Google Docs ba ya cika riƙe shi. Ni sabo nake zanawa a Word, in kwaso kalmomin in zuba.

Abba: Yaya Sani ai baƙi da fari ya fi. Ni a manhajar waya nake matse shi sosai, rubutu ya yi baƙi ƙirin.

Sani: A kan takarda mai kyau, haka ne. A kan fom da ya kode, matsewar nan ce ke share lanƙwasar ƙ da ɗ tun kafin a karanta su.

Hajiya Binta: Nima na gwada da fom ɗin ƙungiyarmu ta adashe da mata suka cike da biro. Sunaye kam ba a magana. Lambobin waya sun fi tayar mini da hankali: 0 ta zama O, 1 ta zama l, 5 ta zama S, da na kai Excel kuma sifilin farko ya ɓace.

Malama Hadiza: Hajiya, namu ba a cike ba ne, fanko nake so in gyara.

Sani: To amma Hajiya ki mai da layin Text kafin ki zuba lambobin, sifilin zai tsaya. Sannan ki ƙirga, lambar wayar Najeriya 11 ce. Sai dai ƙirga ba ta kama 3 da ta koma 8, wannan sai ido a kan takarda.

Issoufou, Maraɗi: Mu nan fom da Faransanci yake zuwa, Tesseract, wata manhajar OCR, nake amfani da shi:

```
tesseract fom.png fom -l fra --psm 6
```

In na bar shi a kan eng, é da è suna lalacewa. Harafin da ba ya cikin harshen da aka zaɓa ba zai taɓa fitowa ba, sai ya ba ka mafi kama da shi. Da na sa masa takardar Hausa, ɓ ta riƙa fitowa b, wani lokacin 6, ƴ ɗinmu kuma y kawai. Naku na Najeriya ma ku duba 'ya'ya, waƙafin sama yakan faɗi ya bar "yaya".

Sani: Nan ne mutane ke yi wa kansu illa da Replace All. Ka ce duk "kasa" ta koma "ƙasa", sai "wanda ya kasa biya" ma ya tafi. A Word, ki danna Ctrl+H, ki kunna Find whole words only, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da ba ta da tagwai, irin su "dalibi" da "karamar hukuma", ita ce za ki sauya gaba ɗaya. In babu ƙ a madanninki, rubuta 0199 ki danna Alt+X. Ƙaramin ɗ kuwa 0257, ɓ 0253. Ki bar tazara kafin lambar, kada ta haɗe da harafin baya. Layukan ɗigo kuma goge su duka, ki sa Tab mai Leader, ba za su ƙara tsalle ba in ana cikewa.

Abba: Wallahi shafi biyu kacal, da kin sake bugawa da hannu da yanzu kin gama.

Malama Hadiza: Shafin farko na yarda, gurabe ne kawai. Na biyun dokokin makaranta ne cunkus, ga kuɗin wata da ₦ ɗinsa ya fito N a wani layi, # a wani. Gobe zan kai a sikana. Malam Issoufou, akwai wanda ka sani ya koya wa Tesseract haruffanmu?