Jar riga nake so ta koma shuɗiya ba tare da fata ta canza ba

Binta: Salamu alaikum 'yan zaure. Hoton mutum ne sanye da jar riga mai gajeren hannu, ana son ta koma shuɗiya mai duhu a Photoshop. Da na ja `Hue` sai wuyansa da leɓensa su ma su yi shuɗi. Wace hanya ce ta fi tsabta?

Sani: Wa alaikumus salam. Danna `Ctrl+U`, ki sauya `Master` zuwa `Reds`, ki ja. Ja kaɗai zai taɓa.

Malam Garba: Sani, a nan matsalar take ai. Fatar mutum, baƙi ne ko fari, launinta na tsakanin ja da ruwan lemo, don haka `Reds` sai ya kwaso ta tare da rigar. Malama Binta, ware rigar tukuna. Ɗauki `Object Selection Tool` ki zagaye ta, ki shiga `Select and Mask`, ki sa `Feather` tsakanin 0.5 da 1, ki bar `Output To` a kan `Selection`. Zaɓen na nan a raye, ki ƙara leyar `Hue/Saturation` daga `Adjustments`. Da kanta za ta mayar da zaɓen `Layer Mask`, inda fari yake nan launin zai yi aiki, inda baƙi yake ba abin da zai taɓu. Ja `Hue` zuwa wajen -120, jan zai koma shuɗi. Ban son `Ctrl+U` a kan hoton kai tsaye, domin fiksel ɗin asali yake sauyawa, in mai aiki ya ce a sake launi sai an faro daga farko.

Binta: Na gode Malam, ya yi shuɗi. Amma yana da haske sosai, kuma da na rage `Lightness` sai rigar ta zama kamar an shafe ta da fenti, ninkin yadin duk ya ɓace.

Malam Garba: `Lightness` haske da inuwa yake dannewa gaba ɗaya, shi ya sa. Mayar da shi 0. Ƙara leyar `Curves`, ki riƙe `Alt` ki jawo mas ɗin leyar farko ki sake shi a kanta don su zama iri ɗaya. Sai ki kama tsakiyar layin ki yi ƙasa da shi, amma ki kafa ɗigo a can sama don wuraren da haske ya bugi kafaɗa kada su mutu. Wannan hasken ne yake sa ido ya yarda yadi ne. Ki kuma rage `Saturation` da kamar 15 zuwa 25, don shuɗi mai duhu na gaske ba ya ƙyalli haka.

Hadiza: Yaya Binta, duba bakin rigar ma. Kusanto hoton zuwa 200%, za ki ga siririn jan layi a wuya da hannu inda zaɓen bai kai ba. Danna mas ɗin, ɗauki ƙaramin burushi mai `Hardness` wajen 70%, ki bi layin da fari. In kin zarce kan fata, danna `X` ya koma baƙi ki goge. Riƙe `Alt` ki danna mas ɗin ki kalle shi tsirara, ramukan da ke hammata da gefen maɓallai nan suke fitowa. Gara ki zuba leyoyin biyu cikin `Group` ɗaya mai mas ɗaya, kada ki riƙa gyara sau biyu.

Akwai kuma jan da rigar ta haska a ƙarƙashin haɓa. Shi ba kuskuren zaɓe ba ne, a jikin fatar yake, kuma in an bar shi yana tona cewa rigar ja ce a da. Wata leyar `Hue/Saturation` daban za ki yi, ki rage `Saturation`, ki danna `Ctrl+I` mas ɗin ya yi baƙi, ki shafa fari da burushi mai laushi, `Opacity` 20%, a wurin kawai.

Sani: To ni farar riga ce, na bi duka wannan, ko motsi ba ta yi ba.

Hadiza: Fari ba shi da launin da `Hue` zai juya. Yi leyar `Solid Color` da zaɓenka, ka sa ta a `Multiply`, inuwar yadin za ta fito ta ƙasa. Baƙar riga ta fi wuya, sai ka fara ɗaga haskenta da `Curves`, kuma in hoton ya yi duhu ƙwarai, ɗige-ɗige za ka taso maimakon saƙar yadi.

Auwal: Tambarin da ke ƙirjin riga fa? Kamfani ya ba da lambar launinsa, na sa `Solid Color` a `Color`, na auna da `Eyedropper`, lambar ba ta fito daidai ba.

Malam Garba: Ba za ta fito ba, `Color` yana barin hasken da ke ƙasa yadda yake. Lamba daidai sai a `Normal`, shi kuma zai shafe ninkin yadin. Ni dai zan daidaita wurin da haske ya fi zama matsakaici da lambar, in bar sauran ya bi inuwa.

Hadiza: Ni kuwa Malam, in tambarin ƙarami ne kuma yadin a miƙe yake, `Normal` zan sa, in ɗora inuwar a wata leya ta `Multiply`. Auwal, turo mu ga yadda ninkin ya ratsa shi.