Neman shawara: an ce na sa tsohuwa ta ƙaryata mahaifinta

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekara shida ina karatu a birnin Ƙum na Iran, na dawo gida na yi koyarwa, albashi bai isa ba, shi ne na koma karɓar aikin fassara daga Farisanci zuwa Turanci, kuma da shi nake biyan kuɗin haya. An ba ni hirar wata tsohuwa ’yar Tabriz game da yadda mahaifinta ya bar gari a wani dare, ko don tsoro ko don an tilasta masa. Ta ce: “Guya pedaram haman shab az shahr rafte ast. Labod tarside bud. Shayad ham majburash karde bashand.” Na sa “supposedly” a wurin guya, na sa “perhaps” a wurin labod da shayad. Mai tace aikin ta dawo da shi, ta ce na sa matar ta ƙaryata labarin. Ina kuskurena?

Tsohon tafinta: Wa alaikumus salam. Ɗan’uwa, mai tacewar ta fi ka gaskiya. Guya tana nuna cewa mai magana ba ganau ba ce, ji ta yi, kamar “wai” ɗinmu idan an faɗe ta ba tare da taɓe baki ba. Ita kuwa “supposedly” a kunnen Bature tana ɗauke da taɓe bakin, wato an ce haka amma ni ban yarda ba. Da gatse matar take nufi, da ta fi kusa da cewa masalan ko be estelah. Ka kuma duba aikatau: ba ta ce raft ba, ta ce rafte ast, sigar da Farisawa kan yi amfani da ita wajen ba da labarin abin da ba a gabansu ya faru ba. Sau biyu ke nan ta gaya maka cewa labari ne ya iso mata, ba ta ce ƙarya ne ba ko sau ɗaya. Ka rubuta “apparently”.

Malamin Larabci: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne labod. Ai “la budda” ce ta Larabci, babu makawa ke nan. Ta yaya babu makawa za ta koma wataƙila? Ka sa “certainly” ka huta.

Tsohon tafinta: Allah gafarta Malam, asalin da ka faɗa daidai ne, amma kalmar ta sassauta a bakin Farisawan yau. Tabbaci shi ne hatman. Labod hasashe ne mai ƙarfi wanda mutum ya gina da hankalinsa, kamar ka ce “ai lalle tsoro ya ji”, alhali ba ka ga fuskarsa ba. Turancinsa shi ne “he must have been frightened”. Shayad ce kaɗai wataƙila ta gaskiya a maganar nan, kuma karde bashand da ya biyo ta, sigar rashin tabbas ce: “they may even have forced him”. Matar ta fara da ji, ta hau zuwa hasashe, ta sauko zuwa zato, kai kuwa mai tambaya ka baje biyun ƙarshe wuri guda.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma ni na saurari muryarta, ku ba ku saurara ba. Ta ja kalmar guya, sannan ta yi ’yar dariya. Kuma ƙamus ɗin da nake dubawa ya kawo “supposedly” cikin ma’anoninta.

Wata ’yar jarida: Ni “reportedly” zan sa. Na taɓa fassara zahiran da “a zahiri”, ashe “da alama” take nufi, edita ya kunyata ni a gaban yaran da na koya wa aiki, har yau bai ba ni haƙuri ba, kuma rabin kuɗina ya biya.

Tsohon tafinta: Hajiya, “reportedly” ta rahoton labarai ce, ba wadda take magana a kan ubanta da ita. Batun dariya kuwa, ɗan’uwa, ba ka faɗa mana tun farko ba. Mutum yakan yi dariya don kunya ko baƙin ciki. Shin daga baya ta kawo wani labarin da ya saɓa wa wannan?

Wani ɗalibi: Ni dai a Mashhad duk wanda na gayyata ya ce shayad, bai taɓa zuwa ba. Ina ganin a’a ce kawai ta ladabi.

Malamin Larabci: Wannan a gayyata ne, yaro. Amma har yanzu ban gamsu da batun labod ba.

Mai tambaya: Ba ta kawo wani labarin ba, sai dai akwai minti biyu da sautin bai fita sosai. Zan gyara labod kamar yadda tsohon tafinta ya ce. “Supposedly” kuwa zan bar ta tukuna, domin in na cire, mai tacewar za ta ɗauka ban san aikina ba, kuma gobe da safe ake jiran aikin.