Dalilin da tsohon bidiyonka ke kwantai idan ka sake ɗora shi

Mun yi hira da masu ɗora bidiyo a wani shagon gyaran waya a Farm Centre, kuma kukan kowa ɗaya ne. Wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta ce bidiyonta ya yi farin jini bara, ta sauke shi daga TikTok ta sake ɗorawa, amma bai je ko'ina ba.

Waɗanda suka san harkar sun ce manhajar ba sunan fayil take dubawa ba. Tana tsintar hotuna daga cikin bidiyon, ta ƙanƙanta su, ta fitar da wata lamba daga tsarin haske da duhunsu, sautin ma ta yi masa haka. Idan lambar sabon bidiyo ta yi kusa da wadda ke ajiye, ta gane maimaici ne, sai ta iya rage nuna shi ga baƙi. Shi ya sa canza suna ko ɗan yanke gefe ba ya raba ka da matsalar. Wannan ne ya fi damuna, domin mutane na ɓata dare a kansa.

Hajiyar ta ƙara wa kanta cikas, don kwafin da ta sauke yana ɗauke da tambarin TikTok, kuma idan a Instagram aka ɗora shi, tun 2021 kamfanin ya sanar cewa yana rage tura irin waɗannan bidiyoyi ga masu kallo.

Shawarar da aka tsaya a kai: ta koma ainihin fayil ɗin da ke wayarta, ta sake tsara shi da sabuwar murya da sabon farashi. Ta kuma duba alƙaluman bidiyon. Idan kusan duk masu kallon mabiyanta ne, alama ce ba a kai shi ga baƙi ba.