Labarina ya kai feji 140, na soma manta wa ya san me, don Allah a ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Daga Anguwar Rogo nake, nan Jos. Ina da labari mai dogon zango da nake saki kullum, yanzu muna feji 140. Mijin jarumata Zainab ya rasu cikin azumi tana da cikin wata biyu, daga baya na tsallake shekara huɗu zuwa lokacin wahalar canjin kuɗi. Jiya wata mai karatu ta ce yaya aka yi ɗan Zainab yana firamare aji biyu, wata kuma ta ce Hajiya ta yi gorin wani sirri da ba a taɓa gaya mata ba. An ce in buɗe kundin labari. Me ake rubutawa ciki, kuma daga ina zan fara tunda na riga na yi nisa?

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki riƙa ajiye rubutunki a Google Drive. Ni wayata ta faɗa ruwa, littafi guda ya tafi.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri. Rubutun yana nan ai, lissafin cikinsa ne ya rikice.

Anti Binta: Abu mai sauƙi ne ƙanwata. Ki samu littafi mai bangon kwali, kowane mutum ki ba shi shafi ɗaya: suna, shekaru, kala, sana'a, iyaye, halinsa. Haka nake yi tun muna kai littafi kasuwa.

Malam Sabo: Shafin kowa da Anti ta faɗa daidai ne, amma wuri ɗaya zan gyara. Kada ki rubuta shekarun mutum, ki rubuta shekarar da aka haife shi. In kin sa "Zainab, 22", ranar da kika tsallake shekara huɗu wannan lambar ta zama ƙarya, kuma ba za ki tuna ki bi mutum talatin kina gyarawa ba. In kin sa 1997, ko yaushe kika kai labarin sai ki ɗebe kawai.

Bari mu yi lissafin naki tare. Kin riga kin kafa wa labarin turke ba ki sani ba, domin wahalar canjin kuɗi farkon 2023 ce. Shekara huɗu baya 2019 ke nan, kuma azumin 2019 ya kama ne 6 ga Mayu. To mijin ya rasu cikin Mayu, damina ta riga ta sauka a Jos. Cikin wata biyu, saura bakwai, haihuwa ta faɗo Disamba, tsakiyar sanyin nan namu da jariri sai an naɗe shi da bargo. Zuwa Fabrairun 2023 yaron yana da shekara uku da wata biyu. Nazare ya dace da shi, mai karatunki ta yi gaskiya.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari, ki je ki duba. Yaushe Zainab ta fita takaba? Da yawa hannunmu ya saba rubuta wata huɗu da kwana goma, wanda zai kai ta ƙarshen Satumba. Amma mai ciki iddarta sai ta haihu. In kin ɗaura mata aure kafin Disamba, wannan ba kuskuren lissafi kaɗai ba ne, kin taɓa hukunci, kuma masu karatunmu ba sa yafe irinsa.

Don haka shafin farko na kundinki ya zama na lokaci. Layi ɗaya ga kowane babban abu: feji, wata da shekara, abin da ya faru. Ki sa azumi da sallolin kowace shekara a gefe, saboda suna matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara. Azumin 2023 ya kama 23 ga Maris, cikin zafi. In kin kwafo yanayin azumin farko, ruwa na zuba ana shan kunu, mutumin Jos zai gane.

Maman Ilham: Malam, aure dai sai bayan suna da wata uku na ɗaura, alhamdu lillahi. Amma na rubuta ana ruwa ranar haihuwa. To zancen Hajiya fa?

Malam Sabo: Wannan shi ne shafin da aka fi mantawa, kuma a labarin gida irin namu shi ne ran labarin. Ke marubuciya kin san komai, shi ya sa bakin kowa yake zamewa ya faɗi abin da ke kanki. Ki jera sirrikan labarin a gefe ɗaya, ba za su wuce goma ba. Gaban kowanne ki rubuta wa ya sani, a wane feji ya sani, daga bakin wa. Ki ƙara wanda yake zargi kawai, da wanda aka gaya wa ƙarya ya yarda, domin su ma maganarsu daban take fita. Kafin ki sa wani ya yi gori ko ya tona asiri, ki leƙa. In sunansa ba ya wurin, ko dai ki rubuta fitowar da zai ji, ko ki cire maganar daga bakinsa.

Inda za ki fara kuwa, babu gajeriyar hanya, sai kin koma feji 1 kin karanta da biro a hannu. Abin da ya riga ya fita ga masu karatu kaɗai za ki shigar, tare da lambar fejinsa. Abin da kike niyyar yi nan gaba ki ware masa wuri daban, in ba haka ba wata rana za ki ɗauka kin riga kin faɗa. Daga nan duk fejin da kika gama, ki shigar da sabon abin da ya zo da shi kafin ki saki.

Ɗan Dilimi: Mu a fim ma haka muke fama. Mun taɓa ɗaukar zango na biyu bayan hutun wata shida, tabon jarumi ya tashi daga kuncin hagu ya koma na dama, sai a wurin tace hoto aka gani. Yanzu hoton kowa muke ɗauka da kayan jikinsa, a liƙa a kundi. Ke ma ki rubuta irin waɗannan: wa ke da wushirya, motar Alhaji wace kala ce, ɗakin amarya sama yake ko ƙasa.

Anti Binta: Ni dai Malam ban yarda da sa shekara ta gaske ba. Da zarar ka ce 2019, sai a tambaye ka ina kullen korona na 2020 ya shiga. Ni "shekara ta ɗaya, shekara ta biyu" nake sawa, ba ruwana da kalanda.

Malam Sabo: Hakan yana aiki Anti, in labarin bai taɓo wani abu na zahiri ba. Nata ya riga ya taɓo. Kullen kuma ya faɗa cikin shekarun da ta tsallake, jimla ɗaya ta ishe shi.

Hauwa Bukuru: Kada a manta da dokokin labarin. Saki nawa Alhaji ya yi wa uwargida zuwa yanzu? Na taɓa karanta labarin da aka yi saki har huɗu ana kome. In da aljani a ciki, abin da kika ce ba ya iyawa a farko kada ya zo ya iya a ƙarshe. Har da yadda kowa ke kiran kowa, wadda ke cewa Yaya kada ta wayi gari tana kiran sunansa gatsau ba dalili.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya: in koma in gyara fejin da suka fita, ko in bari?

Ɗan Dilimi: Ki gyara ajin yaron, ki sanar a saman feji na gaba. Na Hajiya kuwa ki mai da shi riba, ki nuna daga baya cewa 'yar aiki ce ta kai mata.

Anti Binta: A'a, wanda ya fita ya fita, an riga an tura shi gurup ɗari. Gyara sai ranar haɗa cikakken littafi. Kuma 'yar aikin nan, a duba tukuna ko tana gidan a lokacin.

Maman Ilham: Sai feji 90 ta zo gidan, sirrin kuma tun 52 ne. Bari in duba wa ke nan lokacin.