Insertion sort ko quicksort idan jerin ya kusa daidaita

An yi tambaya kan wace hanyar jera lambobi ta fi dacewa, insertion sort ko quicksort, idan jerin ya kusa daidaita. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara duba nisan da kowace lamba ta yi daga mazauninta. Jeri mai lambobi 1,000, kowace ba ta kauce fiye da gurbi 3 ba, insertion sort, mai ɗaukar lambobi ɗaya bayan ɗaya yana matsar da kowace zuwa gurbinta, zai gama shi da matsarwa da ba ta wuce 3,000 ba. Quicksort kuwa, muddin lambar farko yake ɗauka ya raba jerin da ita, rabon zai yi ta karkata gefe guda, kwatance ya doshi dubu ɗari biyar in jerin a shirye yake tsaf.

Wani ya ja kunne, kuma ina bayansa: ƙananan lambobi da aka liƙa a ƙarshe sai kowace ta ratsa jerin kaf in da insertion sort ake aiki. Idan suna da yawa, a koma quicksort mai zaɓen lambar rabo da ka.