Tambaya kan toshewar RCA da LCx a bangon ƙasan zuciya

Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗalibin likitanci ne, kuma mako guda ke nan ina fama da wata mas'ala da ta ƙi warwaruwa.

Na riƙe cewa LAD tana kai jini ga bangon gaban zuciya, inda V1 zuwa V4 ke nuna lalacewa, LCx tana ciyar da bangon gefe, RCA kuma bangon ƙasa, wato II, III da aVF. Amma a wani gwajin ECG da aka ba mu, ST ya ɗaga a II, III da aVF, har da V5 da V6, ɗagawar II ta ɗan fi ta III, sannan V4R bai nuna komai ba. Na amsa da RCA, sai aka ce LCx ce ta toshe.

Na koma na zana jijiyoyin sau uku, na gane cewa reshen PDA mai ciyar da bangon ƙasa daga RCA yake fitowa a yawancin mutane, a wasu ƙalilan kuma daga LCx. Abin da ya fi damuna shi ne wannan bambancin ba ya bayyana sai an ɗauki hoton jijiyoyin.

Kafin a ɗauki hoton, wace alama ce a ECG ta fi inganci wajen rarrabe toshewar RCA da ta LCx idan bangon ƙasa ne ya lalace? Na gode.